Adireshin Daidai Ne, Shafin Ba Na Bankinka Ba Ne: Darasi a Kan Fayil ɗin hosts

'Yan uwa ɗalibai, duk mun haddace gargaɗin nan da ake yi mana cewa kafin ka rubuta kalmar sirri, ka duba adireshin shafin da kyau, kada a sauya maka harafi ɗaya a sunan banki. Gargaɗin gaskiya ne, amma bai rufe ƙofa duka ba. Akwai hanyar da za ka rubuta adireshin bankinka da hannunka, harafi bayan harafi babu kuskure, sunan ya fito daidai a saman burauza, amma shafin da ke gabanka na ɓarawo ne. Ita dai wannan hanya ce kuma ke sa Facebook ya ƙi buɗewa a laftof ɗinka alhali yana buɗewa a wayarka, kai kuma ka yi ta zagin kamfanin layi. Duk wannan aikin wani ɗan ƙaramin fayil ne da ke cikin kowace kwamfuta, sunansa hosts.

Mene ne aikinsa?

Kwamfuta ba ta san sunaye ba, lambobi ta sani. Kowane shafi a intanet yana zaune ne a kan wata kwamfuta mai lambar adireshi, wadda ake kira lambar IP. Idan ka rubuta sunan shafi, dole sai an fara juya sunan zuwa lamba kafin a je ko'ina. Mai yin wannan aiki shi ne tsarin DNS, wato kamar babban kundin lambobin waya na duniya, wanda kamfanin layinka ke duba maka.

To amma kafin Windows ta tambayi wannan babban kundi, tana fara leƙa ɗan littafinta na gida. Wannan littafi shi ne hosts. Idan ta samu sunan a ciki, shi ke nan, ba ta ƙara tambayar kowa. Lambar da ta gani a nan ita za ta bi.

Ka kwatanta da wayarka. A ce ka ajiye ta a caji a ɗakin kwana, wani ya ɗauka ya shiga jerin sunaye, ya goge lambar da ke ƙarƙashin “Yaya” ya sa tasa. Gobe ka tura saƙo, sunan Yaya ne zai fito a fuskar wayar, amma wani ne daban ke karantawa, shi ne kuma zai turo maka lambar asusun da za ka sa kuɗi. Wayar ba ta lalace ba, layin ma lafiyarsa ƙalau. Abin da aka rubuta mata kawai take bi.

Fayil ɗin ya girmi DNS. A shekarun 1970, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe da juna ba su da yawa, fayil ɗaya ne mai suna HOSTS.TXT ke ɗauke da sunayensu duka. Ana kula da shi a Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Amurka, kowa ya kwafa ya ajiye. Da kwamfutoci suka yi yawa, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Amma ba a jefar da tsohon littafin ba, har yau yana nan. A Windows ga inda yake:

```
C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts
```

A Linux da Mac kuwa yana `/etc/hosts`. Rubutu ne zalla, Notepad ma na buɗe shi. Kowane layi lamba ce, sai tazara, sai suna. Duk layin da ya fara da alamar `#` bayani ne kawai, kwamfuta ba ta aiki da shi. A sabuwar Windows 10 ko 11 da ba a taɓa ba, kowane layi mai rubutu da `#` ya fara, kuma fayil ɗin gaba ɗaya bai kai kilobait ɗaya ba. Ka riƙe wannan, don shi ne ma'auninka.

Toshewa da karkatarwa

Abu biyu muguwar manhaja ke yi da wannan fayil. Dubi layukan nan:

```
127.0.0.1      www.microsoft.com
203.0.113.45   ibank.bankina.example
```

Layin farko toshewa ne. Lambar 127.0.0.1 na nufin “ni kaina”, wato kwamfutar da kake kai. An ce wa laftof ɗinka shafin Microsoft yana cikin cikinta. Za ta ƙwanƙwasa ƙofar kanta, ba mai amsawa, sai Chrome ya nuna maka `ERR_CONNECTION_REFUSED`. Wani lokaci 0.0.0.0 ake sawa, sakamakon dai ɗaya ne, shafi ba zai buɗe ba.

Layi na biyu karkatarwa ne, shi ne kuma mai cin kuɗi. Lambar ta wata kwamfuta ce ta ɓarawo, wadda ya ɗora wa kwafin shafin banki, da tambari da launi da komai. Sunan bankin da lambar da na sa a nan na misali ne, ba na kowa ba ne.

Me ya sa ake toshe wasu shafuka maimakon a karkatar da su? Don a hana ka neman magani. Wannan tsohuwar dabara ce. A watan Janairun 2004 bairos ɗin Mydoom.B ya riƙa cika hosts da sunayen shafukan Microsoft da na kamfanonin antibairos, ta yadda wanda ya kamu ba zai iya sauko da abin da zai cire shi ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne STOP/Djvu, da ya bazu tun ƙarshen 2018. Yana zuwa ne a cikin kirak na manhajoji, ya kulle fayilolin mutum, ya bar takarda mai suna `_readme.txt` yana neman kuɗin fansa, wanda a da ya kasance dala 980, ko 490 idan an tuntuɓe su cikin awa 72. Nau'o'insa da yawa suna toshe shafukan tsaro ta cikin hosts, don kada ka je ka karanta abin da ya same ka.

A ɓangaren shafukan sada zumunta kuma, a 2011 masu binciken Microsoft sun bayyana wani salo da aka yi wa masu amfani da VKontakte, wato Facebook ɗin ƙasar Rasha. An ɓoye hosts na gaskiya, wanda ke ɗauke da layukan karkatarwa, aka ajiye wani mai tsabta a gefensa. Sunan na bogin da harafin “o” na rubutun Rashanci aka rubuta shi, wanda ido ba ya bambanta shi da namu. Mai bincike ya buɗe ya ga komai lafiya, Windows kuwa tana can tana karanta ɓoyayyen.

Ta ina yake shigowa?

Windows ba ta barin kowace manhaja ta taɓa hosts sai da izinin mai gida, wato Administrator. Ke nan a mafi yawan lokuta mu ne muke ba da izinin da hannunmu. Duk wanda ya taɓa sa AutoCAD ko Revit ko CorelDRAW ko Office na kirak ya san umarnin da ke zuwa da su: kashe antibairos, danna dama, zaɓi Run as administrator, idan akwati ya fito danna Yes. A wannan daƙiƙa ka miƙa makullin gidan gaba ɗaya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne, kirak da yawa aikinsu ne dama su rubuta a hosts. Suna toshe adireshin kamfanin da ya yi manhajar don kada ta kira gida a gane ba a biya ba. Saboda haka mai sa maka manhaja zai ce, “Idan antibairos ya yi kuka kada ka damu, haka yake yi.” A cikin layuka ashirin na toshe Adobe, wa zai lura da uku da aka cusa na banki? A nan Kudancin Kaduna kuwa, daga Barnawa zuwa Kakuri da Sabon Tasha, filashi ɗaya kan zaga laftof goma a mako, musamman lokacin furojet.

Laftof ɗaya daga Barnawa

Bari mu bi wata laftof daki-daki. Ta wani ɗan uwanmu ce da ke Kwalejin Nazarin Muhalli a harabar Barnawa. An sa masa manhajar zane a wani shago, bayan kwana uku Facebook ya daina buɗewa. Ya sauya daga Chrome zuwa Edge, shiru. Ya goge tarihin burauza, shiru. Ya sauya layi, ya sayi sabuwar data, duk a banza. YouTube da shafin makaranta kuwa suna buɗewa garau.

Ya haƙura da Facebook. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ranar da zai biya kuɗin makaranta. Ya shiga shafin bankinsa, ya sa sunan shiga da kalmar sirri, sai shafin ya ce ana sabunta bayanai, ya kawo BVN da lambar katinsa da lambobin sirri huɗu na ATM. Nan ya tsaya, ya kawo mini laftof ɗin ya ce, “Mutumina, duba min, wannan bankin nawa ne kuwa?”

Gwajin farko ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Muka kunna hotsufot na wayarsa, muka haɗa laftof ɗin da shi. Yanzu waya da laftof suna shan intanet daga layi ɗaya. Facebook ya buɗe a waya, ya ƙi a laftof. Wannan kaɗai ya wanke kamfanin layi, ya wanke Facebook. Kuma tunda burauza biyu sun gaza iri ɗaya, matsalar ba a burauza take ba, tana ƙasa da ita, a cikin Windows.

Gwaji na biyu a Command Prompt ake yin sa. Danna Start, rubuta `cmd`, ka buɗe, sai ka sa umarni biyu:

```
ping www.facebook.com
nslookup www.facebook.com
```

Sirrin shi ne hanyarsu ba ɗaya ba ce. Umarnin `ping` yana neman lamba kamar yadda sauran manhajoji ke yi, wato yana bi ta hosts. Shi kuwa `nslookup` ba ruwansa da hosts, kai-tsaye yake tambayar DNS. Ka sami shaidu biyu ke nan, ɗaya na gida ɗaya na waje. A wannan laftof, `nslookup` ya kawo lamba mai farawa da 157.240, wadda ke cikin rukunin lambobin Facebook. Shi kuwa `ping` ga abin da ya fara da shi:

```
Pinging www.facebook.com [203.0.113.45] with 32 bytes of data:
```

Da muka gwada da sunan bankin, `ping` ya sake kawo wannan lamba ɗin dai. Facebook da wani bankin Najeriya a kan lamba ɗaya? Ba ta yiwuwa. A nan akwai abin lura. Manyan shafuka suna da lambobi da yawa, don haka ɗan bambanci tsakanin amsoshin biyu ba hujja ba ce. Hujja ita ce ka ga 127.0.0.1, ko ka ga shafukan da ba abin da ya haɗa su suna nuna lamba guda.

Sai muka buɗe fayil ɗin a Notepad. Kallon farko komai daidai, bayanan Microsoft ne masu `#`. Amma sandar gefe ta nuna akwai sauran tafiya a ƙasa. Da muka danna Ctrl da End tare, sai ga kaya a can ƙarshe, bayan ɗaruruwan layuka da babu komai a cikinsu. Wasu ma tazara suke jerawa don rubutun ya tsere can hannun dama inda ido ba ya kai. Don kada a yi maka wannan wasa, buɗe PowerShell ka sa wannan:

```
Select-String -Path C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts -Pattern '^\s*[^#\s]'
```

Zai tsallake bayanai da layukan banza, ya fito maka da layukan da ke aiki kaɗai, kowanne da lambarsa. Idan bai nuna komai ba, fayil ɗin da Windows ke kira hosts a wannan wuri yana da tsabta. Kuma tunda kai ka rubuta sunan da harufanmu, dabarar harafin Rashanci ba za ta ci ka ba. A laftof ɗin abokinmu rukuni uku ya fito: layukan toshe kamfanin manhajar zanen, layukan toshe shafukan antibairos da na sabunta Windows, sai kuma layukan da suka kai Facebook da bankuna huɗu zuwa waccan lamba.

Me ya sa banki ya buɗe, Facebook ya ƙi?

Lamba ɗaya aka tura su, amma sakamakon ya bambanta, kuma dalilin ya cancanci a fahimce shi. Shafi mai `https` dole ya nuna wa burauza satifiket da ke tabbatar da cewa shi ne mai sunan. Ɓarawo na iya kwafar tambari da launi, amma hukumomin da ke ba da satifiket ba za su ba shi na facebook.com ba. Facebook kuma yana cikin wani jeri da aka dasa a cikin burauza tun daga masana'anta, ana kiran tsarin HSTS. Duk shafin da ke jerin, ba za a taɓa buɗe shi ba tare da `https` ba, kuma idan satifiket bai yi daidai ba, burauza ba za ta ba ka maɓallin ci gaba ba. Shi ya sa karkatarwar ta zama kamar toshewa. Burauzar ce ta ƙi kai shi gidan ɓarawo.

Shafin da ba shi da wannan kariya kuwa, ana iya miƙo kwafinsa ta `http` zalla. Haka na bankin ya buɗe, da ɗan rubutu `Not secure` a gefen adireshi, wanda abokinmu bai kula ba. Wani lokaci kuma shafi ne guda zai tare ka da `Your connection is not private`, a ƙasa an rubuta `NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID` ko `NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID`. Mun saba danna Advanced mu wuce, saboda wasu shafukan da muke amfani da su kullum ma kan bar satifiket ɗinsu ya ƙare. A shafin kuɗi kada ka wuce, ko da layin biyan kuɗi zai rufe yau.

Sai dai ita ma wannan kariya tana da iyaka. Manhajar da ta samu izinin Administrator na iya dasa nata tushen satifiket a cikin Windows, ta ce wa kwamfutar ta amince da duk abin da ɓarawon ya sa wa hannu. Idan aka yi haka a burauzar da ke dogara da ma'ajiyar Windows, shafin bogi zai buɗe da `https` babu wani gargaɗi. Abin da zai rage maka shi ne ka danna alamar da ke gefen adireshi, ka buɗe satifiket, ka karanta `Issued By`, sannan ka kwatanta da abin da wata kwamfuta mai lafiya ke nunawa a shafin. Da kuma hankalinka: babu bankin da zai nemi lambobin sirrin ATM ɗinka don “sabunta bayanai”.

Gyara, bi da bi

Tsarin da za ka bi yana da muhimmanci, kuma kuɗi ne a gaba, ba laftof ba. Abokinmu ya riga ya ba da sunan shiga da kalmar sirri. Don haka muka cire laftof daga intanet, ya ɗauki wayarsa ya sauya kalmar sirrin banki ta manhajar bankin, sannan ya kira lambar da ke bayan katinsa ya shaida masu. Da ya kai ga ba da lambar kati da lambobin sirri, toshe katin ne zai zama na farko. Ka sani cewa lambar OTP ba ta ceton ka a nan, domin idan ka rubuta ta a shafin bogi, ɓarawon na iya amfani da ita nan take a shafin gaskiya kafin ta mutu. Bayan banki sai imel, don da shi ake sake saita sauran, sai Facebook, inda za ka shiga wajen tsaro ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba. Kada ka sauya ko ɗaya daga kan laftof ɗin da ta kamu.

Na biyu, nemo wanda ya yi rubutun. Goge layuka ba tare da cire manhajar ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Cire kirak ɗin, ka shiga Windows Security, sai Virus & threat protection, sai Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike kafin Windows ta gama farkawa, lokacin da muguwar manhajar ba ta samu damar ɓuya ba. A wannan sashe kuma ka duba Exclusions, don kirak kan sa kansa a jerin waɗanda ba za a bincika ba. Idan Defender ya nuna `SettingsModifier:Win32/HostsFileHijack`, yana gaya maka ne an taɓa hosts.

Na uku, share fayil ɗin. Buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator, ka cire masa alamun ɓoyewa da na hana gyara, sannan ka buɗe shi daga nan:

```
cd C:\Windows\System32\drivers\etc
attrib -r -h -s hosts
notepad hosts
```

Goge duk layin da bai fara da `#` ba wanda ba kai ka sa shi ba, ka adana. Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Idan ba da izinin Administrator ka buɗe Notepad ba, zai ƙi adanawa a wurin, ya ce ka kai wani fanni daban. Idan kuma ka bi ta Save As har sunan ya koma `hosts.txt`, Windows ba ta karanta wannan, tsohon na nan yana aiki. Sunan hosts ne kawai, babu wutsiya. Bayan nan sai ka sa:

```
ipconfig /flushdns
```

Rufe burauza gaba ɗaya, kashe kwamfutar ka kunna. Laftof ɗin abokinmu na sake samun intanet, Windows Update da ya daɗe a toshe ya fara aiki, muka sake yin binciken Defender da sabbin bayanai.

Na huɗu shi ne wanda ake mantawa: ka sake duba fayil ɗin gobe, da jibi. Idan layukan sun dawo, akwai abin da ke mayar da su, sau da yawa wani aiki ne da aka ɓoye a Task Scheduler yana tashi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Idan ka kai nan, ko ka ga alamar an dasa baƙon satifiket, shawarata ita ce ka kwashe takardunka da zane-zanenka kaɗai, ban da fayilolin manhaja, ka sake sa Windows daga tushe. Yini ɗaya na wahala ya fi zangon karatu guda kana shiga banki da shakka.

Ba kowane layi ne na ɓarawo ba

'Yan sashen kwamfuta, kada ku goge aikinku. Idan kana gina shafi da XAMPP ko Laragon, za ka iya ganin layi irin `127.0.0.1 furojet.test`, wannan naka ne. Docker Desktop ma yana ƙara `host.docker.internal` da bayanin cewa shi ya sa. Wasu kuma da gangan suke toshe shafukan talla, ko su toshe wa kansu shafukan hira lokacin jarrabawa. Tambayar da za ka yi wa kowane layi ita ce: na san sunan nan, kuma na san dalilin da aka sa shi? Sunan banki, ko na imel, ko na antibairos, ko Remita, ko shafin lamunin ɗalibai na NELFUND, ba shi da wani dalilin zama a hosts ɗin ɗalibi.

Akwai wata alama da ke taimakawa wajen ganewa. Fayil ɗin ba ya fahimtar “duk abin da ya ƙare da kaza”, kowane suna sai an rubuta shi cikakke. Shi ya sa za ka ga `www.facebook.com` ya ƙi, amma `m.facebook.com` ya buɗe, idan ɓarawon ya manta da shi. Matsalar layi ba ta irin wannan zaɓe.

Haka kuma tsabtar hosts ba ta nufin an gama. Idan `ping` da `nslookup` sun yarda da juna amma shafin har yanzu baƙo ne, to wataƙila an sauya maka DNS ɗin ne kansa, a kwamfuta ko a na'urar wayifai, ko an sa maka wani adireshi a sashen Proxy na Settings. Akwai ma manhajojin da ke sauya wa Windows wurin da za ta nemi hosts. Za ka iya dubawa da wannan:

```
reg query HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\Tcpip\Parameters /v DataBasePath
```

Amsar da ta dace ita ce `%SystemRoot%\System32\drivers\etc`.

Waya fa? Android na da nata hosts, amma yana sashen da manhajoji ba sa iya rubutu sai an yi wa wayar rutin, wato an fasa kariyarta. Wannan ya sa wayar da ba a fasa ba ta fi laftof mai kirak aminci wajen harkar banki. Haka nan kwamfutar shagon buga takardu, wadda ba ka san abin da aka zuba mata ba, ka buga takardarka a kanta, amma kuɗi ka biya daga wayarka.

Ga aikin gida, ba ya cin minti biyu. Yau da dare ka buɗe PowerShell, ka sa umarnin `Select-String` da ke sama. Idan bai nuna komai ba, madalla. Idan ya nuna layuka, karanta su ɗaya bayan ɗaya. Daga yanzu kuma, duk ranar da aka sa maka sabuwar manhaja daga filashin wani, ka maimaita shi kafin ka sake shiga asusunka.